Yadda Ake Fitar da Bayanin Taro Daga Maganar da Aka Naɗa a Waya

Idan aka naɗi taron awa biyu a waya, aka kwafe duk abin da aka faɗa a rubuce, rubutun yakan haura kalmomi dubu goma. Bayanin taron da za a fitar daga cikinsa, wato minit, da wuya ya wuce shafi biyu ko uku. Sakataren da bai saba ba yakan bi ɗanyen rubutun daga sama zuwa ƙasa yana datse jimloli, a ƙarshe ya fito da gajeren labarin wane ya ce, wane ya mayar masa. Wanda ya ɗauki irin wannan takarda bayan wata uku yana son ya san nawa aka amince a kashe, da kuma wanda aka ce ya kashe, sai ya karanta ta kaf bai samu ba. Aikin sakatare shi ne ya raba abubuwa uku da baki ya cakuɗa a wurin taro: abin da aka tattauna, abin da aka zartar, da aikin da aka ɗora wa wani mutum takamaimai.

Takardar tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Banki ba zai sauya masu sa hannu a asusun ƙungiya ba sai ya ga matsayar da aka ɗauka a rubuce. Hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya tana neman bayanin taron da aka zaɓi amintattu kafin ta yi wa ƙungiya rajista. Dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan tarukansu, ta kuma ɗauki bayanin da shugaban taro ya sa wa hannu a matsayin shaidar abin da ya gudana. Saboda haka abin da ka rubuta zai iya zama hujja a ranar da aka yi saɓani.

Zan bi misali guda har ƙarshe. A ce wata ƙungiyar ci gaban unguwa ce ta zauna ranar Lahadi 12 ga Janairu 2025, an naɗi awa ɗaya da minti hamsin, babban batun kuma shi ne rijiyar burtsatsen unguwa da sumonta, wato injin da ke turo ruwa daga cikinta, ya ƙone. Zan ambaci mutanen da muƙamansu kawai. A naka bayanin, ka haɗa suna da muƙami.

Mataki na 1: Tara takardunka kafin ka karanta layi ɗaya

Ɗanyen rubutu shi kaɗai ba ya isa. Ka ajiye ajandar taron a gabanka, da takardar da mahalarta suka rubuta sunayensu, da bayanin taron baya, da duk wata takarda da aka gabatar a zaman, kamar rahoton ma'aji ko kiyasin mai gyara. Ka ɗauko tsarin mulkin ƙungiyar ma, domin shi ne zai gaya maka mutum nawa ake buƙata kafin zama ya halatta, da wanda yake da ikon jefa ƙuri'a. Sautin da aka naɗa shi ma ya kasance kusa, domin za ka koma masa sau da yawa.

Ka yi kwafin ɗanyen rubutun ka yi aiki a kan kwafin, asalin kuma kada ka taɓa shi. Idan babu alamar lokaci a ciki, ka saka da kanka a duk inda aka sauya batu, kamar 00:41 ko 01:32. Idan an rubuta “mai magana na ɗaya, mai magana na biyu”, ka saurari farkon taron inda ake gaisawa da gabatarwa, ka gane muryoyin, ka sa wa kowa sunansa tun yanzu. Muryar da ka kasa ganewa ka bar ta da alamar tambaya. Kada ka yi kintace, domin jingina wa mutum maganar da bai yi ba ya fi barin gurbi muni.

Mataki na 2: Rarraba maganar bisa ajanda

Mutane ba sa bin ajanda da bakinsu. Ana cikin rahoton kuɗi wani zai sako zancen burtsatse, a tsawatar masa, a koma kuɗi, sannan a zo burtsatsen a lokacinsa, sannan wani da ya makara ya sake tayar da shi gab da addu'ar rufewa. Naɗin waya yana bin agogo, amma bayanin taro ajanda yake bi.

Ka karanta rubutun duka sau ɗaya ba tare da ka goge komai ba. Abin da za ka yi kawai shi ne rubuta lambar ajanda a gefen kowane yanki na magana. A misalinmu, 3 rahoton kuɗi ne, 4 burtsatse, 5 alawus ɗin 'yan sintiri, 6 sauran batutuwa. Bayan ka gama, ka buɗe sabon shafi mai kanun ajanda, ka kwashe kowane yanki ka kai shi ƙarƙashin kanunsa tare da alamar lokacinsa. Idan a kwamfuta kake, `Ctrl+F` zai taimake ka ka gano wuraren da ka tsallake: nemi “burtsatse”, “sumo”, “rijiya”, “ruwa”, domin abu ɗaya ake kira da sunaye da yawa. A nan ne za ka ga cewa zancen burtsatse ya fito a wuri uku, a 00:18, daga 00:41 zuwa 01:05, da kuma 01:32. Wannan na ukun shi ne wanda ake yawan mantawa, kuma za mu ga abin da ya sauya.

Mataki na 3: Tantance abin da aka zartar daga abin da aka faɗa kawai

Nan ne ainihin aikin yake, don haka bari mu tsaya a kai. Ga wani yanki na ɗanyen rubutun:

00:52 Ma'aji: Ranka ya daɗe, ni dai gaskiya gyaran nan asarar kuɗi ce. Bara ma an naɗa masa waya, bai yi wata huɗu ba.
00:52 Wani mamba: To ai sabon ma ɗari uku da tamanin aka ce, ina muka gan su?
00:53 Ma'aji: Akwai ɗari biyu da sittin a asusu, Alhaji. Ragowar a bi gida-gida.
00:53 Wakiliyar mata: Allah ya ba Shugaba nasara, mu dai a yi sauri. Yara ne ke tafiya har bakin titi neman ruwa kafin makaranta.
00:54 Wani mamba: Ni da za a bi tawa, a koma sola gaba ɗaya a huta.
00:54 Shugaba: Wannan magana ce mai kyau, za a duba ta in sha Allahu.
00:58 Sakataren kuɗi: Ina ba da shawara a sayi sabo, kada ya wuce ɗari huɗu har da kuɗin aiki, kowane gida ya ba da dubu biyu.
00:58 Wakiliyar mata: Na goyi baya.
01:01 Shugaba: To, waɗanda suka yarda su ɗaga hannu. Malam Sakatare, ƙirga mana. Sha ɗaya. Waɗanda ba su yarda ba? Huɗu. To shi ke nan, an tsaya a kan haka.
01:03 Shugaba: Sai a nemo farashi wuri biyu ko uku kafin Juma'a.
01:03 Muryoyi: Haka ne. Za a yi.

Ka bi layi-layi ka sa wa kowanne alama ɗaya cikin huɗu: T ga tattaunawa, M ga matsaya, A ga aiki, da alamar tambaya ga abin da bai fito fili ba. Kafin ka sa M, ka yi wa maganar tambayoyi uku. An furta ta a sarari, yadda za a iya cewa e ko a'a? Jama'a sun nuna amincewa, ko da ƙuri'a ko da shugaba ya tambaya ba a samu mai ja ba? Shugaba ya rufe maganar da bakinsa? Idan ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, ba matsaya ba ce tukuna.

Da wannan ma'auni, maganar ma'aji a 00:52 ra'ayi ne, komai ƙarfin muryar da ya faɗe ta da shi. Abin da ke 00:58 zuwa 01:01 matsaya ce cikakkiya: an gabatar, an mara baya, an ƙirga, an rufe. Ka lura ma matsaya biyu ce aka haɗa a jimla ɗaya, ta sayen sabon sumo da ta karo-karon gidaje. Ka raba su, kowacce da lambarta, domin ana iya sauya ɗaya a bar ɗaya.

Maganar sola ita ce tarkon. Shugaba ya ce “za a duba ta in sha Allahu”, kuma duk wanda ya saba zama taro ya san sau da yawa wannan hanya ce ta sallamar magana cikin mutunci ba tare da an kunyata mai ita ba. Babu wanda aka tambaya, babu wanda aka ɗora wa komai. Idan ka rubuta “An amince a duba yiwuwar komawa sola”, ka ƙirƙiro wa ƙungiya matsayar da ba ta ɗauka ba, kuma mai shawarar zai zo taro na gaba yana tambayar ina aka kwana. Abin da ya dace shi ne ka sa ta a tattaunawa: “An kawo shawarar komawa wutar sola. Ba a yanke hukunci a kai ba.” Wannan jimla ta biyu ba gazawa ba ce. Ina ganin tana cikin jimlolin da suka fi amfani a bayanin taro, kuma sakatarori da yawa suna jin nauyin rubuta ta.

Shiru ma yana buƙatar kula. A naɗi, shirun amincewa da shirun rashin jin daɗi iri ɗaya ne, kuma waya ba ta ɗaukar gyaɗa kai ko ɗaga hannu. Idan shugaba ya ce “akwai mai ja?” aka yi shiru, ya ce “to an amince”, ka rubuta “An amince ba tare da wani ya ja ba.” Kada ka rubuta “baki ɗaya” sai in kowa ya nuna yardarsa.

Mataki na 4: Duba ko an sake buɗe maganar daga baya

Yanzu mu koma 01:32, lokacin da ake sauran batutuwa:

01:32 Limamin unguwa: Shugaba, a gafarce ni, zan ɗan koma baya. Dubu biyun nan, akwai gidajen marayu da ba za su iya ba.
01:33 Shugaba: Allah gafarta Malam, gaskiya ne. Jama'a, a cire su? Akwai mai ja? To an cire gidajen marayu. Hajiya, ke kika san su, ki kawo mana sunayen jibi.
01:33 Wakiliyar mata: To, Allah ya kai mu.

Wannan ya ci ma'aunin nan uku, don haka ya gyara matsayar karo-karo. Wanda ya tsaya a 01:01 zai rubuta cewa kowane gida zai biya, masu karɓar kuɗi su je su ƙwanƙwasa ƙofar da aka riga aka yafe wa. A bayanin, ka rubuta matsayar a siffarta ta ƙarshe ƙarƙashin batun burtsatse, ka ƙara cewa an yi mata gyara a ƙarƙashin sauran batutuwa. Da a ce Malam ya yi maganar ne bayan an yi addu'ar rufewa, mutane suna neman takalmansu waya kuma tana ci gaba da naɗa, to ba ta shiga bayani ba, ko da shugaba ya amsa masa. Sai a kawo ta zama na gaba.

Mataki na 5: Nemo mai kowane aiki

Kowane aiki yana buƙatar abu uku: me za a yi, wa zai yi, yaushe zai gama. Na 01:33 ya cika: wakiliyar mata, jerin gidajen marayu, jibi. Na 01:03 kuwa gurgu ne. “A nemo farashi” da “za a yi” ba su ɗora wa kowa komai ba, kowa ya tashi yana zaton wani ne zai je kasuwa. Ka nemi irin waɗannan kalmomi a rubutun da gangan: “a yi”, “za a”, “ya kamata a”, “sai mu”, “wani ya”. Kusan kowanne aiki ne da ba shi da mai shi.

Abin da ba za ka yi ba shi ne ka cike gurbin da kanka. Hankali zai ba ka cewa ma'aji ne ya dace, tunda shi ke riƙe da kuɗi. Amma idan ka rubuta sunansa alhali ba a faɗa ba, ranar da aikin bai yiwu ba zai ce shi ba a ba shi ba, kuma gaskiyarsa ce. Ka tara duk irin waɗannan guraben a takarda ɗaya, ka kai wa shugaba a zama guda: “Ranka ya daɗe, a 01:03 ka ce a nemo farashi, amma ba a ambaci wanda zai nemo ba. Wa za a sa?” Idan ya ce sakataren kuɗi, ka tabbata an sanar da shi ya kuma karɓa, sannan ka rubuta tare da nuna cewa shugaba ne ya ba shi aikin bayan taro. Idan ba a samu amsa ba, ka rubuta “ba a ba kowa ba tukuna” a gurbin suna, ka sa shi cikin abin da za a fara da shi a zama na gaba.

Aiki ɗaya, mutum ɗaya. Ko da kwamitin mutum biyar aka ɗora wa abu, ka rubuta sunan shugaban kwamitin a matsayin wanda za a tambaya. Ka kuma rubuta aikin yadda za a iya gane an yi ko ba a yi ba. “Bibiyar batun sumo” ba shi da ranar ƙarewa. “Kawo rubutaccen farashin sumo daga shaguna uku” ana iya ganinsa a hannu.

Akwai kuma ayyukan da matsaya ke haifarwa ba tare da kowa ya ambace su ba. An amince da karo-karo, to wa zai karɓa, wa zai ba da rasit? An amince a sayi sumo, wa zai fitar da kuɗin daga banki? Ka dubi kowace matsaya ka tambayi kanka ko akwai aikin da zai aiwatar da ita a jerinka. In babu, shi ma ya shiga takardar tambayoyin shugaba.

Mataki na 6: Tabbatar da kowane adadi da kowace rana da kunnenka

Duk inda kuɗi, rana, ƙuri'a ko suna ya fito, ka koma ga sautin ka saurara da kanka, ko wane ne ya kwafe rubutun. Idan da VLC kake saurare a kwamfuta, maɓallin `[` yana rage gudun magana, `Shift` da kibiyar hagu kuma suna mayar da kai baya da daƙiƙa uku.

A baki muna yar da “dubu”. “Ɗari uku da tamanin” a bakin mamban nan naira 380,000 ce, kuma takardar kiyasin mai gyara ce za ta tabbatar maka. “Dubu ɗari da hamsin” yawanci 150,000 ake nufi, amma a rubuce ana iya karanta shi 100,050. Talatin da tamanin suna rikicewa idan mai maganar yana nesa da waya ko fanka na kaɗawa. Sakatarorin ƙungiyoyi a Maraɗi ko Damagaram suna da ƙarin abin lura, domin a can ana ƙirga kuɗi da dala, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, jika guda kuma sefa 1,000. Saboda haka kowane kuɗi ka rubuta shi da lambobi cikakku da sunan kuɗin, wanda ke cikin matsaya kuma ka ƙara shi da kalmomi.

Ƙuri'a kuma dole lissafinta ya fita. Takardar halarta ta nuna mambobi 17 masu ƙuri'a, ban da mai gyaran burtsatse da aka gayyato. An ƙirga 11 da 4, sun zama 15. Ina biyu? Ko dai ba su ɗaga hannu ba, ko sun fita alwala, ko shugaba da sakatare ba sa jefawa bisa tsarin mulki. Ka gano wanne ne kafin ka rubuta. A misalinmu, a ce suna zaune amma ba su ɗaga hannu ko sau ɗaya ba, sai a rubuta “mutum 2 ba su jefa ƙuri'a ba”.

Ranaku su ma a mayar da su kwanan wata. Jibi daga ranar Lahadi 12 ga Janairu ita ce Talata 14. “Kafin Juma'a” tana nufin kafin 17 ga wata. Amma “kafin azumi”, “bayan Sallah” ko “sati na sama” ba ranaku ba ne da za a kama mutum da su. Ka roƙi shugaba ya sa rana tsayayya.

Mataki na 7: Rubuta

Sai yanzu za ka fara rubuta bayanin kansa. A sama ka sa sunan ƙungiya, irin taron, rana, wuri, lokacin farawa, wanda ya shugabanta, mahalarta, waɗanda suka ba da uzuri, da baƙi daban. Ka nuna cewa adadin da tsarin mulki ya tanada ya cika. Sannan batutuwa bisa jerin ajanda.

A kowane batu, tattaunawar ta tsaya a jimla uku zuwa biyar: mene ne matsalar, waɗanne hanyoyi aka kawo, wane dalili ne ya rinjaya. Ka yi amfani da “an bayyana”, “an lura”, “wasu mambobi sun nuna damuwa”. Sunaye suna shiga ne a wuri huɗu: wanda ya gabatar da rahoto, wanda ya kawo shawara da wanda ya mara masa baya, wanda aka ba aiki, da wanda ya nemi a rubuta rashin amincewarsa. Gaishe-gaishe, barkwanci, cacar baki da gugar zana duk su tsaya a naɗi. Idan an zargi wani da wani abu a zaman, kada ka kwafe kalaman. Ka rubuta cewa an tayar da tambaya a kan abu kaza, da matakin da aka ɗauka. Sunayen gidajen marayun nan ma ba za su shiga takardar da za ta zaga wayoyin mutane ba, jerin ya tsaya wurin masu karɓar kuɗi.

Ga yadda minti ashirin da biyar na zancen burtsatse zai koma:

4. Gyaran rijiyar burtsatse
An bayyana cewa sumon rijiyar ya ƙone. An duba hanyoyi biyu, gyaran tsohon ko sayen sabo, wanda aka kiyasta a kan naira 380,000. Ma'aji ya sanar da cewa akwai naira 260,000 a asusu, kuma gyaran da aka yi bara bai ɗore ba. Wasu mambobi sun nuna damuwa a kan yadda za a cike giɓin kuɗin. An kawo shawarar komawa wutar sola, ba a yanke hukunci a kai ba. (Duba matsaya ta 1 da ta 2, da aiki na 1 zuwa na 3.)

Bayan an gama batutuwa, sai matsayoyi su zo a sashensu:

MATSAYOYIN DA AKA ƊAUKA
1. A sayi sabon sumo, kuɗinsa da na aiki kada su wuce naira 400,000 (dubu ɗari huɗu). Sakataren kuɗi ya gabatar, wakiliyar mata ta mara baya. Masu goyon baya 11, masu adawa 4, mutum 2 ba su jefa ƙuri'a ba.
2. Kowane gida ya ba da naira 2,000 (dubu biyu), ban da gidajen marayu. An zartar tare da matsaya ta 1, an yi gyaran cire gidajen marayu a ƙarƙashin sauran batutuwa ba tare da wani ya ja ba.

Sannan ayyuka a nasu sashen:

AYYUKA DA MASU SU
1. Kawo jerin gidajen marayu ga shugaba. Mai aiki: wakiliyar mata. Wa'adi: Talata 14 ga Janairu 2025.
2. Kawo rubutaccen farashin sumo daga shaguna biyu ko uku. Mai aiki: sakataren kuɗi (shugaba ya ba shi bayan taro). Wa'adi: kafin Juma'a 17 ga Janairu 2025.
3. Karɓar karo-karo daga gidaje da ba da rasit. Mai aiki: ba a ba kowa ba tukuna. Za a tsayar a zama na gaba.

Dalilin raba sassan biyu shi ne rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Matsaya tana nan daram har sai wani zama ya soke ta, ita ce ake ciro wa banki ko mai binciken kuɗi ko bayan shekaru. Aiki kuwa yana ƙarewa ranar da aka yi shi, wanda ba a yi ba kuma ana ɗauko shi da lambarsa a kai shi jerin zama na gaba. Kowace matsaya ka rubuta ta yadda za a fahimce ta ko an ciro ta ita kaɗai. “An amince da shawarar sakataren kuɗi” ba ta gaya wa kowa komai in ba ya da sauran takardar.

Mataki na 8: Dubawa, rabawa da sa hannu

Ka yi ƙoƙari daftarin ya fito cikin kwana biyu ko uku, tun mutane suna tuna abin da ya faru, tun wa'adin farko kuma bai wuce ba. A misalinmu aikin wakiliyar mata na ranar Talata ne, don haka ba za a jira cikakken bayani ba: ka tura wa kowane mai aiki nasa layin a waya washegarin taro.

Shugaba ne zai fara ganin daftarin. Yana da ikon gyara kuskure da cike guraben da ka kai masa, amma ba shi da ikon sauya abin da aka zartar. Idan ya ce a mayar da 400,000 ta koma 450,000 saboda farashi ya tashi, ka nuna masa 00:58 cikin ladabi, ka ce ƙarin sai an kawo shi gaban jama'a. Wannan shi ne amfanin alamun lokaci da ka ajiye a kwafin aikinka, ko da yake ba sa fitowa a bayanin da za a raba.

Ka rubuta “daftari” a saman takardar, ka raba ta a matsayin PDF don kada a taɓa rubutun. A zama na gaba a karanta, a karɓi gyara, wani ya ba da shawarar amincewa da ita, wani ya mara baya, shugaba da sakatare su sa hannu da kwanan wata. Gyaran da ake karɓa a nan shi ne na abin da aka rubuta ba daidai ba. Wanda ya sauya ra'ayi a kan dubu biyun nan, wurinsa shi ne abubuwan da suka taso daga bayanin taron baya, kuma abin da aka yanke a can zai shiga sabon bayani ne. Takardar da aka riga aka sa wa hannu ba a goge ta. In an gano kuskure daga baya, a rubuta gyaran a bayanin zaman da aka gano shi, a ambaci lambar matsayar da abin ya shafa.

Sautin da ɗanyen rubutun ka riƙe su har a sa hannu, kada ka tura su zauren ƙungiya na waya, domin suna ɗauke da duk maganar da ka cire da gangan. Muryar mutum da sunansa bayanansa ne na kansa, Najeriya kuma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, don haka a sanar da mahalarta tun farkon zama cewa ana naɗa. Ƙungiya ta tsayar da ƙa'ida ɗaya a rubuce a kan lokacin da za a goge naɗi bayan sa hannu da wanda zai goge shi, a riƙa binta a kowane taro.